Littafin sababbin kashiyoyi: inda aikin ya kai

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau Alhaji, mai kantin da nake aiki, ya kira ni ofis bayan la'asar, ya ce za a ɗauki sababbin kashiyoyi huɗu kafin azumi, kuma ba ya son a sake koyar da su irin ta da, wato a tsayar da yaro bayan kujerar wani kwana uku yana kallo, a rana ta huɗu a ce zauna. Ya ce, "Malam, abin nan da ke kanku kai da Anti, ku sauke shi a takarda." Na ce to, ranka ya daɗe. Anti ita ce ta fi kowa daɗewa a kanta a kantin nan, tun lokacin da ake rubuta rasit da biro.

Ana sa ran ganin watan azumi a farkon Maris, ke nan muna da kamar mako bakwai. Na yanke abu biyu tun yanzu. Bayanin zai kasance da Hausa, amma sunan kowane maɓalli zai fito yadda yake a allo, domin idon kashiya `VOID` zai gani, ba "soke" ba. Manaja ya so a yi shi duka da Turanci, wai ya fi kama da na kamfani. Na ce masa wanda zai buɗe littafin nan zai buɗe shi ne mutum shida na tsaye a kansa, kuma a irin wannan lokacin da Hausa kansa ke lissafi. Na biyu, ba zan sa hoto ko ɗaya ba sai rubutun ya kammala. Gurbi kawai zan riƙa bari.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na zauna na rubuta babin farko daga ka, buɗe kanta da safe. Ya fito mataki biyar, na ji daɗi. Da safen nan na tsaya bayan Anti da takardar a hannu ina bin ta, sai na ga abin da take yi ya kai goma sha ɗaya. Shida ɗin da na tsallake duk abubuwan da hannu ya saba da su ne har kai ya manta da su. Tana goge gilashin sikana da ƙyalle kafin komai, don ƙurar hunturun nan na hana shi karanta bakod. Tana duba fitilar `Num Lock`, don idan a kashe take, lambobin gefen dama ba sa shiga, sabon kashiya kuwa zai yi ta dannawa ya ce kwamfuta ta lalace. Tana buɗe firinta ta ga ko takardar rasit za ta kai. Sannan tana ƙirga kuɗin canjin da aka ba ta, naira 20,000, a gaban wanda ya ba ta, kafin ta sa hannu. Ni a rubutuna cewa na yi "karɓi kuɗin canji" kawai.

Daga yau ba zan ƙara rubuta mataki a ofis ba. Sai na tsaya na ga hannu yana yi.

Wata 'yar matsala ta harshe ta taso. Kashiyoyin maza ne da mata. Umarni irin "danna", "duba", "ƙirga" ya dace da kowa, amma da an zo hani sai an zaɓi "kada ka" ko "kada ki". Na gwada "kada ka/ki", ya yi muni a ido. Na koma "kada a", kamar yadda ake rubutawa a bangon masallaci da asibiti.

Talata, 14 ga Janairu

Babi na 2, sayarwa da tsabar kuɗi, ya kammala. Abin da ya ci min lokaci shi ne canji. Kwamfuta na nuna adadin canjin, amma ba ta hana mutum miƙa ɗari biyar a madadin dubu. Na rubuta tsarin Anti kamar yadda yake. Kuɗin kwastoma ba ya shiga durowa sai an gama ba shi canji. Ana ɗora shi a kan tiren, inda shi ma yake gani. A faɗi adadin da baki: "Dubu goma sha biyar na karɓa." Sannan a ƙirga canjin daga kuɗin kaya zuwa sama. Misalin da na sa: kaya sun kama 13,650, an miƙa 15,000. A ba da hamsin, 13,700 ke nan. A ba da ɗari da ɗari biyu, 14,000. A ba da dubu, 15,000. Ba ragi aka yi ba, hawa aka yi, kuma kwastoma na biye da kai da kunnensa.

Dalilin barin kuɗin a waje na rubuta shi a fili, don yaro ba ya riƙe dokar da bai san dalilinta ba. Akwai masu cewa "ai ta dubu na ba ki" bayan ta ɗari biyar suka miƙa, akwai kuma masu karɓar canji su ce a dawo musu da kuɗinsu sun fasa, su sake miƙo wani, har kai ya juye. Idan takardar tana nan a kan tire, gardama ta ƙare.

Durowarmu gida biyar gare ta, takardun naira kuwa iri takwas ne. Mun tsara 1,000, 500, 200 da 100 kowacce da gidanta, 50 zuwa ƙasa su haɗu a na ƙarshe. Tsoho da sabon 200, 500 da 1,000 gida ɗaya suke shiga. Na sa layi guda cewa duka ana karɓa, tunda Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2023 cewa tsofaffin su ci gaba da yawo tare da waɗanda aka fitar a ƙarshen 2022. Na kuma sa a riƙa gane kuɗi da fuska da lamba, ba da launi ba: Sardauna a 200, Azikiwe a 500, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong a 1,000. Da dare, idan an koma kan janareto fitila ta yi rauni, launi na yaudara.

Asabar, 18 ga Janairu

Guraben hoto. Da farko "[hoto a nan]" nake rubutawa in wuce. Yau na koma babin farko na tarar da irin wannan guda tara, kuma uku daga ciki ni kaina na kasa tuna hoton me nake nufi. Idan haka ne bayan kwana tara, ina ga wanda zai gyara littafin baɗi. Na sake musu siffa, kowane gurbi ya zama haka:

```
[HOTO 2.4]
Allo: bayan an danna TOTAL
Ido ya je: CASH, CARD, TRANSFER
Kibiya: kan CASH, lamba 1
A rufe: sunan kashiya, jimlar rana
```

Layin "ido ya je" shi ne ya fi amfani, ta hanyar da ban zata ba. Duk gurbin da na kasa cika wannan layin, sai na gane ba a bukatar hoton, ado ne kawai. Na goge guda bakwai a babi biyu. Inda kuma na sami wuri biyu da ido zai je, na raba matakin gida biyu, kowanne da hotonsa.

Laraba, 22 ga Janairu

Ba a yi komai ba tun Asabar. Kashiya biyu ba lafiya, ni ne a kanta ta 3.

Amma zaman ya yi rana. Wata Hajiya ta ɗauko kunshin ruwan roba mai gora 12, na wuce da shi ta gaban sikana, ya yi ƙara, har na kai hannu ga kaya na gaba. Allah ya sa na ɗaga kai, sai na ga kuɗin gora ɗaya ne ya hau. Sikana ya karanto bakod ɗin gorar ta cikin ledar, bai karanta na kunshin ba. Ni da nake rubuta littafi. Na ƙara mataki a babi na 2: ƙarar sikana tana nufin ya karanta wani abu, ba ta nufin ya karanta abin da ke hannunka; a duba suna da farashi a allo kafin a ɗauki na gaba. Haka katan ɗin taliyar yara mai ƙwaya 40, shi ma da nasa bakod daban da na ƙwaya.

Litinin, 27 ga Janairu

Babi na 3, kati da tiransifa, shi ne mai wuya, kuma nan ne kuɗi ke salwanta da gaske. Tushen matsalar a wurinmu shi ne na'urar POS ba a haɗe take da kwamfuta ba. Kashiya ne ke karanta adadi a allo ya buga shi da hannu a na'urar, sannan ya dawo ya gaya wa kwamfuta an biya. Tsakanin waɗannan biyun babu mai tsaro sai idonsa. Don haka jerin matakan ya zama dole a bi shi a jere: a buga adadi, a juya na'urar kwastoma ya gani kafin ya sa lambar sirrinsa, a jira takarda ta fito, a karanta `APPROVED`, a gwada adadin takardar da na allo, sai a danna `CARD`. Da yawa suna danna `CARD` tun na'ura na juyi, don layi ya ragu. Idan ta ƙi, rasit ya riga ya fita, kwamfuta kuma ta ɗauka an biya.

Na tattara lambobin da ke fitowa a takardar `DECLINED`, waɗanda muke gani kullum. `51` kuɗin asusun bai kai ba. `55` lambar sirri ba daidai ba, kuma a nan na rubuta kada a matsa wa mutum ya yi ta gwadawa, don a na uku kati na iya kullewa. `54` kati ya ƙare aiki. `91` kuwa bankin mai katin ne ko hanyar da ke tsakani ba ta amsa ba, ba laifin kowa a kantin.

`91` ɗin nan ne ke kawo rigima, don sau da yawa takarda ta ce `DECLINED` amma wayar kwastoma ta yi ƙara an cire masa kuɗi. Ya nuna maka alat, kuma gaskiyarsa ce. Amma kuɗin bai iso wurinmu ba, bankinsa ne zai mayar masa. Dokar a taƙaice ita ce kaya ba sa fita. Sai dai na ga doka kaɗai ba ta isa yarinya 'yar shekara ashirin ta tsaya gaban dattijon da ya fusata ba, sai an sa mata kalmomi a baki. Ni da Anti muka zauna muka tsara:

"Baba, ka yi haƙuri, na ga an cire maka. Amma ga takardar, bai shigo mana ba. Ka riƙe ta, idan bai dawo da kansa ba ita za ka kai bankinka. Bari in ajiye maka kayan, in kira maka babba."

Anti ce ta nace a fara da "na ga an cire maka". Ta ce abin da ke tunzura mutum ba kuɗin ba ne kawai, ganin ana masa kallon maƙaryaci ne. Na kuma sa a danna `HOLD` a ajiye cinikin, layi ya ci gaba, maimakon a tsayar da kowa.

Tiransifa kuwa layi ɗaya ne ya ɗauki nauyin shafin: ba a tabbatar da biya a wayar mai saye, sai a wayar kanti. Hoton "an tura" ana iya haɗa shi, ana iya nuna na jiya, kuma ko na gaskiya ne yana iya maƙalewa a hanya. A wayar kanti abu uku za a gwada, adadi da sunan mai turawa da lokaci. Na ƙara lokacin ne saboda an taɓa samun mutum biyu da cinikin 5,000 cif a kanta biyu, alat ɗaya ya shigo, kowace kashiya ta leƙa ta ce nata ne.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na fara babin kurakurai, kuma rubutun farko na yage shi. Na jera su ne da sunayensu: kuskuren nau'in biya, kuskuren adadi, kuskuren takarda. Na miƙa wa Anti, ta karanta, ta ce, "Malam, wanda ya san sunan kuskurensa ai ya riga ya gyara. Yaron nan abin da ya sani shi ne rasit ya fito fari fat." Na rasa ta cewa.

Yanzu kowane kuskure yana farawa da abin da ido ya gani, da kalmomin da kashiya zai faɗa idan ya kira ni. Ƙarƙashinsa abin da ya fi jawo shi, sai yadda za a tabbatar, sai gyara, sai kuma wanda ke da ikon gyaran. Misali, "Rasit ya fito babu rubutu": kusan kullum takardar aka sa a juye. Irin wannan firintar ba ta da tawada, zafi ne ke ƙona rubutun, kuma fuska ɗaya ce ta takardar ke amsa zafi. A karce ta da farce, fuskar da ta yi baƙin layi ita ce za ta kalli kan firintar. "Sikana ya ƙi karantawa": a goge gilashi, a miƙe ledar, in ya ƙi a buga lambobi 13 da ke ƙasan zanen da hannu. Idan kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, a sake dubawa kafin a ce ba a shigar da kayan ba, don kuskuren lamba ɗaya ya isa. Na lura yawancin kayan gida da 615 suke farawa, lambar da aka ware wa Najeriya, wannan ma na taimaka wa ido ya kama inda zai fara.

Ban ƙirƙiro ko ɗaya ba. Na ɗauko littafin da muke rubuta giɓi da rara na kowace rana, na bi na shekarar da ta wuce shafi-shafi. Abin da ya maimaitu shi ya shiga. Abin da ya faru sau ɗaya, kamar ranar da ɓera ya cinye wayar durowa, na bar shi.

`VOID` da `REFUND` na ba su shafi guda su kaɗai. Kafin a biya, `VOID` ne, ana cire kayan daga cinikin da bai rufe ba. Bayan rasit ya fita, `REFUND` ne, kuɗi zai fita kaya su koma lissafin sito, kuma sai da lambar sirrin babba. A nan dole na faɗi laifinmu: lambar tawa kusan kowa ya san ta, don idan ina sito nakan ce a buga kawai. Na canza ta yau.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Daren jiya na sami misalin da nake nema na babin rufe kanta, kodayake ba haka na so in same shi ba.

Yarinyar kanta ta 2, wadda ba ta cika wata uku da fara aiki ba, ta ƙirga durowarta. An ba ta canji 20,000 da safe. Rahoton `Z`, wanda kwamfuta ke fitarwa idan an rufe cinikin rana, ya nuna cinikin `CASH` 312,400, ke nan ya kamata a sami 332,400. Aka ƙirga, 313,900. Aka sake, haka. Giɓin 18,500. Manaja ya ɗauko littafi zai rubuta a cire a albashi, ita kuwa idonta ya riga ya cika, tana rantsuwa ba ta tashi daga kujera ba sai salla.

Na ce a dakata a kawo takardun POS. Kwamfuta ta ce `CARD` 486,200 ne. Muka tara takardun `APPROVED` ɗaya bayan ɗaya, suka ba da 504,700. Rarar 18,500 ke nan, daidai da giɓin can. Muka bi rasitocin ranar, sai ga wani na 18,500 wajen ƙarfe biyar da rabi an rubuta `CASH`, ga kuma takardar POS mai adadin nan da lokacin nan. Da kati aka biya, ta danna maɓallin da ke kusa da shi. Ko kwabo bai ɓata ba, kuɗin na banki. Manaja ya rufe littafinsa ya ce, "To ki riƙa lura," ya wuce. Ni abin ya tsaya min a rai, don na san an sha cire wa wasu irin wannan a baya, ba wanda ya tara takardun.

Saboda haka babin rufewa ya canza fasali. Ba a kiran abu giɓi sai an gwada gida uku: tsaba da durowa, `CARD` da takardun POS, `TRANSFER` da wayar kanti. Idan abin da ya ɓace a gida ɗaya ya bayyana a wani da adadi iri ɗaya, maɓalli aka kuskure. Na kuma sa a ciro `X` tukuna, wanda ke nuna lissafi ba tare da rufe ranar ba, a yi duk binciken a kansa. `Z` sau ɗaya ake ciro shi, yana rufe ranar, bayansa gyara sai a ofis. Kuma a ƙirga durowa a rubuta kafin a kalli rahoton, don wanda ya san adadin da ake nema, hannunsa na kai shi can ko babu.

Na haɗa da misali na biyu daga littafin bara, wanda shi asara ce ta gaske. Takardun POS sun gaza lissafin kwamfuta da 4,500, tsaba kuma daidai take, babu rara a ko'ina. Wani tsohon akawu ne ya koya min dabarar: idan bambancin ya rabu da tara ba saura, a nemi lambobi biyu da suka yi musayar wuri. 4,500 a raba tara, 500. Aka duba, cinikin 27,200 ne aka buga 22,700 a na'ura. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce a tara lambobin bambancin: 4 da 5 tara ne. Na 18,500 kuwa 14 ne, shi ya sa can ba wannan ba ne. Na rubuta gargaɗi a ƙasa cewa alama ce kawai, ba hujja ba. Bambancin 4,500 na iya zama kuɗin kaya guda da aka wuce da shi sau biyu. Amfaninta ta nuna inda za a fara tono.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Dalilin jinkirta hotuna ya tabbata. Masu kula da manhajar sun zo shekaranjiya sun sabunta ta, `HOLD` ya tashi daga ƙasan allo ya koma cikin `MORE`. Da na ɗauki hotuna a Janairu, da yanzu ina sake su. Layi uku kawai na gyara.

Yau na fara ɗauka, bayan an rufe kanti. A kwamfuta `Win + Shift + S` ne, in yanko daidai wurin da gurbin ya ce. Na shiga da asusun gwaji don kada sunan kowa ko cinikin rana ya fito. Na kuma roƙi a buɗe min kayan wasa uku masu farashi zagaye, 1,000 da 2,500 da 10,000, domin da na yi da shinkafa da mai na gaske, kafin Sallah farashin hoton ya zama abin dariya, yaro kuma ya fara shakkar sauran shafin.

Na'urar POS da waya na ɗauke ta. Fitilar sama na haskawa a gilashinta, sai da na kai ta sito na jingina da katan. A takardar gwaji lambar katin a rufe take da taurari, amma sunana ya fito ɓaro-ɓaro, na shafe shi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Gwaji. Biyu daga cikin sababbin sun zo, saurayi da budurwa. Na ba kowanne kwafi da kwandon kaya, Anti ta zama kwastoma, ni kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan buɗe baki ba. Duk inda suka ɗaga kai suka kalle ni, in sa alama a shafin. Alama goma sha huɗu na yi.

Mafi muni daga wurin hoto ne. Na zagaye maɓallan da jan layi, a kwamfuta ya yi kyau, amma injin kwafi baƙi da fari ne, jan ya narke cikin tokar allon. Saurayin ya daɗe yana neman "da'irar" da rubutu ya ce ya duba. Zan mayar da su kibiya baƙa mai kauri da lamba a farin akwati. Budurwar kuma ta tsaya a "a tabbatar da adadi". Ta ce, "Malam, in tabbatar da shi da me?" Gaskiyarta. Ya koma "a gwada lambar da ke takardar POS da lambar da ke ƙasan allo, in ba iri ɗaya ba ne, kada a danna komai, a kira babba."

Anti ta yi musu wasan canji, ta ce dubu ta bayar. Budurwar ta nuna mata ɗari biyar ɗinta a kan tire ba ta ce uffan ba. Shi kuwa ya riga ya jefa a durowa, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya karanta matakin, ya ce, amma yana can ƙasan shafi bayan hoton, hannunsa ya riga idonsa. Na ɗaga shi sama da hoton.

Da na sa takardar rasit a juye da gangan, dukansu sun gano shafin cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, don kan maganar shi ne abin da ke gabansu.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Shafi 26, hoto 31, saura gurbi huɗu, duk na `REFUND`, don asusun gwaji ba shi da izinin buɗe wannan allon. An ce za a buɗe min gobe. Alhaji ya duba ya ce ya yi kauri, wa zai karanta wannan ana rububin sayayyar buɗa-baki? Bai yi ƙarya ba. Mun tsaya a kan littafin ya zauna na kwanakin koyo, sannan a ciro shafi ɗaya gaba da baya, kurakurai takwas da lambobin POS da kalmomin ba da haƙuri, a rufe shi da leda a ɗaure a gefen kowace kanta.

Abu ɗaya bai warware ba. Na rubuta a babin rufewa cewa ba a cire wa kashiya kuɗi sai an gwada gida ukun nan an kuma sa hannu mutum biyu. Manaja ya ce wannan ba hurumin littafin koyarwa ba ne, dokar ofis ce, in cire. Na bar shi da fensir a shafi na 22, Alhaji ya ce zai duba ranar Laraba. Sauran biyun za su fara Alhamis, da su zan gwada babin tiransifa, wanda har yanzu ba wanda ya bi shi da hannu sai ni.